Lamba Ta Yi Daidai, Maki Ya Tafi: Sirrin Ma'auni A Jarrabawar Fiziks

Duk lokacin da malamin fiziks ya raba takardun gwaji a ajin babbar sakandare, akwai ƙorafin da da wuya a tashi ba a ji shi ba. Ɗalibi zai miƙe da takardarsa a hannu ya ce, "Malam, ni ma fa 4 na samu, kamar yadda ka rubuta a allo, amma an rage mini maki." Malam ya karɓi takarda ya duba, ya ga lallai 4 ce zaune a ƙarshen lissafi, sai dai ita kaɗai ce, babu komai a gabanta. Sai ya tambaye shi, "Huɗun mene ne?"

Iyaye da yawa idan suka ji wannan labari sukan ɗauka tsanani ne kawai irin na malaman kimiyya. Yaro ya yi tunani, ya tuno ƙa'ida, ya yi lissafi har ya kai ga lambar da ake nema, sannan a hana shi cikakken makinsa saboda haruffa biyu ko uku? Tambayar tana da nauyi, kuma ta cancanci amsa a tsanake. Amsar ita ce, a fiziks lamba ba ta zama daidai ko kuskure sai an ga ma'aunin da ke tare da ita, wato abin da ɗalibai ke kira yunit. Wanda ya rubuta lamba tsirararta bai gama ba da amsa ba, wanda kuma ya liƙa mata ma'aunin da ba nata ba ya amsa wata tambaya daban da ba a yi masa ba.

Rabin magana

A darasin lissafi, biyu a tara da biyu huɗu ne, magana ta ƙare, domin lissafi da lambobi zalla yake hulɗa. Fiziks kuwa da abubuwan duniya yake hulɗa: tsawon igiya, nauyin dutse, lokacin da mota ta ɗauka kafin ta tsaya, zafin ruwa a tukunya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da lamba tasa ta kansa. Abin da ake yi idan za a auna shi ne a ɗauko wani gwargwado da kowa ya amince da shi, a ga sau nawa ya shiga cikin abin da ake aunawa. Idan aka ce tsawon ɗaki mita 4 ne, ana nufin an jera gwargwadon mita sau huɗu daga bango zuwa bango. Ɗakin nan dai, ba a ƙara masa ko bulo ɗaya ba, santimita 400 ne, kuma ƙafa 13 da 'yan kai ne. Ɗaki ɗaya, lamba uku, kowacce gaskiya ce muddin tana tare da ma'auninta.

Kowa ya san wannan a kasuwa. Idan uwar gida ta aiki yaro ta ce ya sayo gero biyar, mai hatsi ba zai taɓa awo ba sai ya tambaya: mudu biyar, tiya biyar, ko buhu biyar? Ba ya yin tambayar don ya wahalar da yaron, yana yi ne don saƙon bai cika ba. Hasali ma shi kansa mudun yakan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan, shi ya sa fataken hatsi ke fara tambayar irin kwanon da ake awo da shi kafin a shiga ciniki.

Irin wannan bambanci ne ya sa ƙasashe suka zauna a Paris a 1875 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin da ke kula da awo na duniya a Sèvres, kusa da birnin. A 1960 aka tsayar da tsarin da ake kira SI, wanda shi ne ake koyarwa a makarantunmu a yau. Yanzu yana da tushen ma'aunai guda bakwai, kuma uku daga ciki su ne ɗalibi ya fi cin karo da su: mita don tsawo, kilogiram don yawan abin da jiki ya ƙunsa, da sakan don lokaci. Sauran ma'aunai irin su niyutan da jul da wat duk daga waɗannan aka haɗa su. Amfanin tsarin shi ne, ɗalibar da ke karatu da Faransanci a Damagaram da ɗalibin da ke karatu da Ingilishi a Zariya, idan suka rubuta m/s, abu ɗaya suke nufi ba tare da tafinta ba.

Mota ɗaya, amsa uku

Bari mu ɗauki tambaya irin wadda ake yi wa 'yan aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare, mu bi ta daki-daki. Mota mai kilogiram 1000 tana gudun kilomita 72 a awa. Direba ya taka birki, gudun ya riƙa raguwa bai-ɗaya har ta tsaya cik cikin sakan 5. Ana so a nemo yadda gudunta ya riƙa raguwa, da ƙarfin da birki ya yi aiki da shi.

Matakin farko shi ne a daidaita ma'aunai, domin gudun da awa aka ba da shi, lokacin tsayawa kuma da sakan. Kilomita 72 mita 72,000 ne, awa ɗaya kuma sakan 3,600 ce. Idan aka raba, sai a ga motar tana cin mita 20 a kowane sakan. Daga nan sai a raba wannan gudu da lokacin da ya ɗauka kafin ya ƙare:

a = (20 m/s) ÷ (5 s) = 4 m/s²

Ma'anar wannan a fili take. A kowane sakan da ya wuce, gudun motar yana raguwa da mita 4 a sakan: daga 20 ya koma 16, ya koma 12, ya koma 8, ya koma 4, sai ta tsaya. Abin da ɗan ƙaramin 2 ɗin da ke saman s yake faɗa ke nan, cewa sakan ya shigo lissafin sau biyu, sau ɗaya a cikin gudu, sau ɗaya a cikin raguwar gudun.

To, ga ɗalibai uku. Na farko ya rubuta 4 kawai. Mai duba takarda ba shi da hanyar sanin ko yaron ya gane cewa raguwar gudu ya nemo, ko kuwa ya raba 20 da 5 ne don su ne lambobin da ya gani a gabansa. Na biyu ya rubuta 4 m/s. Wannan ya faɗi wani abu, amma abin da ya faɗa shi ne motar tana gudun mita 4 a sakan, alhali ba gudu aka tambaye shi ba. Mantuwa da ɗan 2 ɗin nan ta sauya nau'in abin da ya auna gaba ɗaya, kuma sau da yawa alama ce ta cewa bai rarrabe gudu da sauyawar gudu ba, wanda kuwa shi ne ainihin abin da tambayar ke gwadawa.

Na uku shi ne ya fi koyar da mu darasi. Bai juya kilomita zuwa mita ba, ya raba 72 da 5 kai-tsaye, ya samu 14.4, ya rubuta 14.4 m/s². Wannan kuskure ne babba, domin ya ninka amsar gaskiya sau 3.6, kuma birkin motar haya a kan kwalta ba ya iya rage gudu da irin wannan ƙarfi. Amma a lura da kyau: da a ce ya rubuta cewa gudun yana raguwa da kilomita 14.4 a awa cikin kowane sakan, da maganarsa gaskiya ce tsantsa, domin daga 72 idan aka riƙa cire 14.4 sau biyar, sifili za a tarar. Ke nan 4 daidai ce, 14.4 ma daidai ce, kuma kowaccensu tana iya zama kuskure. Abin da ke yanke hukunci shi ne ma'aunin da aka rubuta a gabanta. Wannan ita ce cikakkiyar amsa ga mai cewa "ai lambata daidai ce".

Kuskuren kuma ba ya tsayawa inda aka yi shi. Kashi na biyu na tambayar yana neman ƙarfi, wanda ake samu ta hanyar ninka kilogiram da raguwar gudu, F = ma. Mai 4 m/s² zai samu niyutan 4,000. Mai 14.4 zai samu 14,400, ya rubuta N a gabanta da zuciya ɗaya, alhali niyutan ba ya fitowa sai an haɗa kilogiram da mita da sakan. Wanda ya shigar da kilomita da awa cikin ƙa'idar, duk abin da ya fito masa ba niyutan ba ne, ko da ya kira shi da wannan suna.

Yadda mai duba takarda ke raba maki

A jarrabawar WAEC da NECO, masu duba takardun rubutu ba da son ransu suke ba da maki ba. Akwai jagoran maki da ake bi, wanda yakan kasa makin tambaya bisa matakai: wani kaso ga wanda ya rubuta ƙa'idar da ta dace, wani ga wanda ya shigar da lambobi yadda ya kamata, wani kuma ga amsar ƙarshe. Shi wannan kaso na ƙarshe ga amsa cikakkiya ake ba da shi, lamba tare da ma'auninta. Saboda haka wanda ya bar ma'auni ba ya rasa makin tambayar duka. Aikin da ya yi a matakan farko yana nan, an biya shi. Abin da ke zuba shi ne ɗan kason ƙarshe, galibi rabin maki ko maki guda.

Rabin maki kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa takarda ɗaya tana ɗauke da ƙananan tambayoyin lissafi da yawa, kuma wanda bai saba rubuta ma'auni ba ba a wuri ɗaya yake mantawa ba. Yana zubarwa a tambayar gudu, ya zubar a ta lantarki, ya zubar a ta zafi. Ɗalibin da ke kan iyaka tsakanin kiredit da fas, wannan ɗigon zai iya mayar da shi ƙasa, kuma kiredit a fiziks sharaɗi ne ga mai neman karatun injiniya ko likita. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar WAEC sun sha ambaton barin ma'auni cikin raunin da suke gani a takardun ɗalibai.

A jarrabawar gwaji da hannu abin ya fi tsanani, domin can ma'auni yana ko'ina: a saman kowane layi na jadawalin awo, a jikin layukan giraf guda biyu, da kuma a gangaren giraf ɗin. Ɗauki gwajin lilo, inda ake rataya ƙwallon ƙarfe a zare, a riƙa sauya tsawon zaren ana auna lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo. Idan aka zana giraf na T² a kan tsawon zare, wanda ya auna da mita zai samu gangare kusan 4, wanda ya auna da santimita kuma zai samu kusan 0.04. Duka biyun sun yi aiki mai kyau. Na farko zai fitar da jan ƙasa kusan 9.8 m/s², na biyu kusan 980 cm/s², kuma abu ɗaya ne. Amma idan na biyun ya rubuta 980 m/s², ya ce ke nan jan ƙasa a ɗakin gwajin makarantarsu ya ninka na sauran duniya sau ɗari. Malamin da ya ba wannan amsa cikakken maki ya cuci yaron.

Ma'auni yana kama kuskure

Akwai wata fa'ida da ɗalibai kaɗan ne suka san da ita, kuma ita ce ta fi kowacce amfani a ɗakin jarrabawa. Ma'aunai suna bin dokokin lissafi kamar yadda lambobi ke bi: ana ninka su, ana raba su, suna soke juna. Wanda ya saba jan ma'auni tare da lamba a kowane layi, ma'aunin zai gaya masa idan ya kauce hanya tun kafin ya miƙa takarda.

Mu koma ga motarmu. A ce an ƙara tambaya: mita nawa ta ci kafin ta tsaya? Ƙa'idar ita ce s = u²/2a. Ninka gudu da kansa yana ba da 400 m²/s², a raba da 8 m/s², sakan su soke juna, mita ɗaya ta soke ɗaya, a bar mita 50. An nemi nisa, an samu mita, hankali ya kwanta. Yanzu a ce ɗalibi ya manta da ninka gudun, ya rubuta s = u/2a. Idan lambobi kawai yake bi, zai samu 2.5, ya ɗora m a gaba ya wuce. Idan kuwa yana jan ma'auni, zai ga m/s a raba da m/s² sakan ne ke fitowa. An tambaye shi nisa, lissafinsa ya ba shi lokaci, nan take ya san ƙa'idar da ya tuno ba ita ba ce.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma ya kamata a san iyakar. Ma'auni ba ya ganin lambobin da ba su da ma'auni. Wanda ya manta da 2 ɗin da ke ƙasa ya rubuta s = u²/a zai samu mita 100, ma'auni ya fito daidai, amsa kuwa ta ninka gaskiya sau biyu. Don haka idan ma'auni ya ƙi fitowa, tabbas akwai kuskure, amma fitowarsa daidai ba ta isa shaida cewa komai ya yi ba.

Waɗanda suka yi kama da juna

Yawancin makin da ke zuba a kan ma'auni yana zuba ne a wurare kaɗan da aka sani. Na farko shi ne kilogiram da niyutan. Buhun siminti kilogiram 50 ne a Kano, kuma da za a kai shi duniyar wata, kilogiram 50 ɗin ne dai, domin simintin da ke ciki bai ragu ba. Amma ƙarfin da ƙasa ke jan buhun da shi, wanda shi ne ɗan dako ke ji a wuyansa, kusan niyutan 490 ne a nan, a duniyar wata kuma bai fi kashi ɗaya cikin shida na hakan ba. Idan tambaya ta nemi wannan ƙarfi aka amsa da kilogiram, an amsa ɗaya a madadin ɗaya.

Na biyu shi ne wat da jul. Jul yana auna yawan makamashi, wat kuma yana auna saurin da ake cinye shi, jul ɗaya a sakan. Duk mai sayen wutar mita ya san wannan a aljihunsa ko da bai san sunansa ba. Abin da ake saya kilowat-awa ne, wanda yake daidai da jul miliyan 3.6. Dutsen guga mai wat 1000 idan ya yi awa ɗaya yana jan wuta ya cinye guda, ƙwan lantarki mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya cinye hakan.

Na uku shi ne babban baƙi da ƙarami. A SI girman harafi yana da ma'ana. Ƙaramin m a gaban ma'auni yana nufin kashi ɗaya cikin dubu, babban M kuma yana nufin miliyan. Injinan da aka girka a tashar lantarki ta Kainji ƙarfinsu 760 MW ne. Wanda ya rubuta 760 mW ya faɗi abin da bai kai wat ɗaya ba, wanda ba zai iya kunna ƙwan ɗaki ba. Tsakanin rubutun biyu akwai ninki biliyan ɗaya, kuma mai duba takarda abin da aka rubuta yake karantawa.

Akwai kuma inda ƙara ma'auni shi ne kuskuren. Wasu adadi ana samun su ne ta hanyar raba abu da irinsa, sai ma'aunan su soke juna. Idan aka ce zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6 in an ɗebi daidai wa daida, lambar ba ta da ma'auni. Haka lambar karyewar haske a gilashi, wadda take kusan 1.5, domin gudun haske aka raba da gudun haske. Ɗalibin da aka tsoratar da shi har ya koma liƙa ma'auni a gaban kowace lamba zai rasa maki a nan. Wannan ya nuna cewa abin da ake gwadawa shi ne ko ɗalibi ya san irin abin da ya lissafa.

Jirgin da mansa ya ƙare a sama

Mai cewa duk wannan rigimar aji ce kawai, ya dubi abin da ya faru a Kanada ranar 23 ga Yuli, 1983. Jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 zai tashi daga Montreal zuwa Edmonton, ya yada zango a Ottawa. A lokacin ƙasar tana cikin sauya tsarin awonta, kuma wannan sabon jirgi da kilogiram ake lissafa mansa, alhali tsofaffin jiragen kamfanin da laba aka saba. Na'urar da ke nuna yawan mai a gaban matuƙa ba ta aiki a ranar, saboda haka sai aka auna man da ke tanki da sandar awo, aka yi lissafi da hannu.

Tafiyar tana bukatar kilogiram 22,300 na mai. An tarar da lita 7,682 a cikin tanki. Don a mayar da lita zuwa nauyi, aka ninka da 1.77, lambar da ma'aikata suka saba amfani da ita. Sai aka samu 13,597, aka cire daga 22,300, ya rage 8,703, aka sake rabawa da 1.77, aka ce a ƙara lita 4,917. Duk wanda ya bi wannan lissafi da kalkuleta zai ga babu kuskure a ninkawa ko cirewa ko rabawa. Ita ma 1.77 lamba ce ta gaskiya, sai dai laba nawa ke cikin lita ɗaya take faɗa. A kilogiram, lita ɗaya ta man jirgi kusan 0.8 ce. Da an yi amfani da wannan, da an ga cewa man da ke tanki bai fi kilogiram 6,200 ba, kuma abin da ya kamata a ƙara ya kai lita 20,000.

Jirgin ya tashi da mai wajen laba 22,300, matuƙa suna ɗauka kilogiram ne, alhali laba ba ta kai rabin kilogiram ba. A Ottawa an sake aunawa, aka sake ninkawa da 1.77, kuskuren ya tabbatar da kansa. Suna sama da ƙafa 41,000 injin farko ya mutu, ba a jima ba na biyu ya bi shi. Allah ya sa kyaftin ɗin, Robert Pearson, ya saba tuƙa jiragen da ba su da inji, mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya san wani tsohon filin jiragen soja a garin Gimli. Can suka sauke jirgin, a kan titin da aka riga aka mayar wurin tseren motoci. Mutum 69 ne a ciki, babu wanda ya rasu.

Abin lura shi ne, da wani ya rubuta ma'auni a gaban kowace lamba, da layi na biyu bai wuce ba, domin zai ga kansa yana cire laba 13,597 daga kilogiram 22,300. Wannan shi ne kuskuren ɗalibinmu na uku, mai 14.4, ba tare da bambanci ba.

Shekara goma sha shida bayan haka, irin wannan ya ci kumbon NASA mai suna Mars Climate Orbiter. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da tunkuɗar ƙananan injinan kumbon da ma'aunin laba, masu lissafin hanyarsa kuma suna karɓar lambobin a matsayin na niyutan, alhali na farko ya ninka na biyu kusan sau 4.45. Ranar 23 ga Satumba, 1999, kumbon da aka tsara zai ratsa kilomita 226 sama da duniyar Mars ya sauko zuwa wajen kilomita 57, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Waɗanda suka yi aikin ƙwararru ne da suka fi ƙarfin a koya musu raba lamba. Abin da ya kuɓuce musu shi ne lambobi sun wuce daga hannu zuwa hannu ba tare da an tabbatar da ma'auninsu ba.

Ɗabi'ar da maki ke ginawa

Yawancin yaran da ke zaune a ajin fiziks a yau ba za su harba kumbo ba, amma a cikinsu akwai ma'aikaciyar jinyar da za ta karanta takardar likita, inda miligiram da maikurogiram ke da tazarar ninki dubu a tsakaninsu. Akwai mai haɗa wutar sola da zai lissafa kaurin waya da girman batir, da injiniyan da zai faɗi nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. Dukkansu wani ne zai karɓi lambar da suka rubuta ya yi aiki da ita ba tare da suna wurin ba balle a tambaye su. Rabin makin da malam ya cire a aji shi ne mafi arahar hanyar koyon wannan.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana bukatar sabo. Kafin a taɓa kalkuleta, a jera duk abin da tambaya ta bayar tare da ma'auninsa, a mayar da su mita da kilogiram da sakan. A ja ma'aunin cikin kowane layi na lissafi, kada a jira sai ƙarshe a tuno abin da ya kamata a rubuta. Idan amsa ta fito, a sake karanta tambayar a ga ko abin da aka nema shi ne ma'aunin ya nuna, sannan a tambayi kai ko girman amsar ya shiga hankali, domin mutum ba ya gudun mita 72 a sakan, zare kuma ba ya kai kilomita a ɗakin gwaji.

Malamai ma akwai nasu kason. Jan bairo a zagaye lamba a rubuta "yunit" a gefe ba ya koyar da komai idan ba a nuna wa yaro abin da amsarsa ta faɗa ba. Wanda ya rubuta 4 m/s, a sa shi ya karanta amsarsa da baki, ya faɗi da Hausa abin da take nufi game da motar, sannan ya gwada ta da abin da aka tambaya. Yaron da ya ji kansa yana cewa mota tana gudun mita huɗu a sakan, alhali an tambaye shi yadda birki ke rage gudunta, ya gano kuskurensa da kansa, kuma irin wannan ganowa ta fi zama a kai fiye da ragin maki sau goma. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo gida yana kukan an rage masa maki a kan amsar da ta yi daidai, su karɓi takardar su nemi ya bayyana musu abin da lambar tasa take aunawa. Idan ya iya faɗa, saura ya saba rubutawa. Idan ya kasa, an gano inda ya kamata a koma a sake karatu tun jarrabawar ƙarshe ba ta zo ba.